Sun ce saura bincike, yau sati huɗu shiru: yadda ake tuntuɓa cikin ladabi

Na yi intabiyu a wani kamfani a Bompai, sun ce sun ɗauke ni, saura su binciki takarduna su ji ta bakin waɗanda na ce su tsaya mini. Yau sati huɗu ke nan shiru. In kira su ne, ko za su ga na yi zaƙewa?

Ka tuntuɓe su, sati huɗu ya isa. Amma kafin ka taɓa kamfanin, fara da naka mutanen. Binciken nan ba abu ɗaya ba ne, hanyoyi ne da dama kowacce da tafiyarta: a tambayi jami'a ko ita ta ba ka digiri, a tantance takardar hidimar ƙasa, a ji daga inda ka yi aiki a baya, sannan mutum biyu ko uku da ka bayar su cike fom. Wasu wuraren kan ƙara da takardar shaidar hali daga 'yan sanda. Ɗaya daga ciki ta maƙale, fayil ɗin gaba ɗaya ya tsaya, ko da sauran sun dawo tun satin farko.

Wadda ta fi maƙalewa kuwa ita ce ta masu tsaya maka, kuma ita ce ta fi kusa da hannunka. Kira kowannensu, ko ka je takanas in babba ne, ku gaisa, sannan ka ce: "Ranka ya daɗe, ko wasu sun aiko maka da fom a kaina?" Ka roƙe shi ya duba har cikin Spam, domin sau da yawa wani kamfani na daban ne aka ba kwangilar binciken, saƙon zai zo da sunan da bai sani ba. Manyanmu da yawa kuma ba sa ɗaga baƙuwar lamba.

To in na gama da su, me zan rubuta wa kamfanin?

Ka rubuta wa mutumin da ya aiko maka da saƙon ƙarshe, ta hanyar da ya bi ya same ka. In imel ne, ka amsa a ƙarƙashin wancan saƙon, don ya ga tarihin maganar ba sai ya yi lalube ba. Kada ka tambaye shi "ina aka kwana?", domin amsarta "ana kai" ce, ka koma inda kake. Tambayar da ke buɗe hanya ita ce wane ɓangare ya rage. Ga yadda zan tsara shi, in da Turanci kuke mu'amala sai ka bi wannan tsarin:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Ni ne wanda kuka zaɓa a gurbin akanta, na miƙo takarduna ranar 6 ga wata. Na tuntuɓi mutum biyun da na bayar, ɗaya ya mayar da fom ɗinsa ranar 12, ɗayan ya ce bai ga komai ba, ga sabuwar lambarsa. Don Allah wane ɓangare ne ya rage, kuma akwai abin da zan kawo don a sauƙaƙa? Ina nan da sha'awar aikin. Na gode."

Duba abin da saƙon ya yi. Ya tuna mata ko wane ne kai, ya kawo mata labarin da ba ta da shi, ya yi tambayar da za ta amsa da layi ɗaya. Babu ƙorafi, babu labarin kuɗin haya, ko da yake na san shi ne ke hana ka barci. Ka aika ranar Talata ko Laraba da hantsi. Ranar Juma'a a Kano, da an tashi masallaci harkar ofis ta yi sanyi, saƙonka sai ya nutse kafin Litinin.

Wane irin abu ne kan riƙe fayil ba tare da mutum ya sani ba?

Bari in ba ka labarin wani ƙanena. Fayil ɗinsa ya kai sati shida. Sau biyu yana aika gaisuwa ana ce masa ya ƙara haƙuri, sai a karo na uku ya tambayi wane ɓangare ne bai dawo ba. Ashe suna ne. A takardar WAEC an rubuta Mohammed, a digiri Muhammad, a takardar hidimar ƙasa kuma an ƙara sunan unguwarsu a ƙarshe, kamar yadda yawancinmu muka yi tun daga firamare. A wurinmu mutum ɗaya ne. Mai binciken da ke zaune a Legas kuwa sunaye uku ya gani, ya sa alama, ya jira wani ya yi bayani, ba wanda ya gaya wa yaron. Ya je kotu ya yi takardar rantsuwa cewa duk sunayen nasa ne, ya haɗa da takardar NIN ya aika. Cikin sati guda aka kira shi.

Don haka ka baje takardunka yau ka gwada suna da ranar haihuwa a kan kowacce. Ka duba kwanakin fara aiki da barinsa da ka rubuta, su dace da abin da tsohon wurin aikinka zai faɗa. In ka ga saɓani, gara ka riga su faɗa.

Akwai kuma jinkirin da ba ka da iko a kansa. Ofishin rajistara na jami'a yana amsa irin waɗannan wasiƙu ne bi da bi, kuma in ana yajin aiki komai tsayawa yake. Na ASUU a 2022 ya kai wata takwas. Hutun Sallah ma yakan cinye sati. In an ce maka makaranta ake jira, ka nemi kwanan watan wasiƙar da lambarta, ka je ofishin da kanka ka bi sawu.

Sau nawa zan tuntuɓa kafin abin ya zama naci? Ko in sa wani babba ya yi mini magana?

Sau ɗaya a cikin kwana bakwai zuwa goma, kuma kowane saƙo ya zo da sabon abu. In imel biyu sun tafi ba amsa, ka kira waya sau ɗaya a lokacin aiki. Kiran dare ko jera saƙonni a WhatsApp yana sa a fara gudunka.

Maganar babba kuwa, ban ba ka shawara ba a wannan matakin. Ana cikin tantance gaskiyarka ne, sai ga waya daga sama ana cewa a hanzarta: mai fayil zai fara tunanin ko akwai abin da ake son rufewa, kuma kun ɓata tun kafin ka shiga ofis.

Wani wurin ya ba ni aiki, suna son amsa nan da kwana biyar. Kuma ban ajiye aikin da nake yi ba.

Kada ka ajiye tukuna. Takardar da ta ce an ɗauke ka bisa sharaɗin kammala bincike ana iya janye ta, ka jira wadda ba sharaɗi, mai ɗauke da ranar fara aiki. Ka duba yarjejeniyar aikinka na yanzu ka ga wa'adin sanarwar barin aiki, a wurare da yawa wata ɗaya ne, ka gaya wa sabon kamfanin don su lissafa da shi.

Batun ɗaya wurin, ka faɗa wa kamfanin Bompai gaskiya da kwanan wata: "An ba ni aiki a wani wuri, suna jiran amsata ranar Alhamis. Ku na fi so, shi ya sa nake tambaya ko za a iya sanin matsayina kafin ranar." Wasu kamfanonin kan bari mutum ya fara aiki alhali ana jiran amsar makaranta, ka tambaya ko suna yin haka, kuma in sun yarda su rubuta maka. In Laraba ta yi ba su ce komai ba, ka karɓi wanda ke hannu, ka aika musu layi biyu na godiya cewa ka janye.