Saƙon neman ganawa mai zaɓin lokuta uku

Saƙon neman ganawa mai zaɓin lokuta uku gajeriyar takarda ce, ko saƙon waya, da ake aika wa babban jami'i kamar kwamishina, darakta ko babban sakatare, a gabatar masa da lokuta uku don ya ɗauki wanda ya yi masa. Dalilin tsarin shi ne rage masa wahalar amsawa. Idan aka ce "yaushe za ku samu dama?", an bar shi da aikin duba jadawalinsa, kuma irin wannan saƙon ne ake ajiyewa sai an manta da shi. Lokaci ɗaya tak kuwa kamar umarni ne daga ƙarami zuwa babba.

Ana farawa da sallama da girmamawa, "Ranka ya daɗe" ko "Ranki ya daɗe", sai mai saƙon ya faɗi ko shi wane ne, da abin da ke tafe da shi, da tsawon ganawar. Ga misali:

"Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, barka da aiki. Daga sashen kuɗi ne, muna neman minti 20 don gabatar da rahoton kasafi. Idan ba damuwa, a zaɓa mana ɗaya: (1) Talata 13 ga Mayu, 10:00 na safe, (2) Laraba 14 ga Mayu, 3:00 na rana, (3) Litinin 19 ga Mayu, 11:30 na safe. Lambar kawai ta isa amsa. In duk ba su dace ba, duk lokacin da Yallaɓai ya sa za mu zo. Allah ya ƙara girma."

Wajen zaɓen lokutan ne aka fi yin kuskure. Lokuta uku a wuni ɗaya ba zaɓi ba ne, domin tafiya ɗaya zuwa Abuja za ta shafe su duka. Shi ya sa ake raba su a ranaku daban, a haɗa safiya da rana, ɗaya kuma ya faɗa mako mai zuwa. Ana kauce wa lokacin azahar da la'asar, da tsakar ranar Juma'a, da ranakun hutu irin su 12 ga Yuni a Najeriya. Sunan rana da kwanan wata dole su yi daidai, in sun saɓa sai an sake tambaya. Idan jami'in yana Accra a faɗi agogon da ake nufi, don Ghana tana bayan Najeriya da Nijar da awa ɗaya.

Mai saƙon zai riƙe lokutan uku ba tare da sa wani abu a ciki ba har amsa ta zo. Yana da kyau sakataren jami'in ya samu kwafi, tunda sau da yawa shi ke riƙe da jadawalin. In kwana 2 sun wuce shiru, sai a tuntuɓi sakataren, a kuma maye gurbin lokacin da ya riga ya wuce da sabo.