Idan Na Daina Biya, Ina Kayana Za Su Tafi?

Tambayoyin nan kan daina biyan kuɗin wata-wata na manhajoji na amsa su a shagona na gyaran waya da ke kusa da Kasuwar Sheikh Gumi har bakina ya gaji. Ga su a rubuce, wanda ya sake tambaya zan turo masa.

Na goge manhajar daga wayata, amma har yanzu ana cire mini kuɗi.

To ai ba ka soke komai ba. Goge manhaja daban, soke biya daban. Idan ta Play Store ka yi rajista, taɓa hotonka a sama, shiga `Payments & subscriptions`, sannan `Subscriptions`, ka soke a can.

Da na soke yau, yau za a rufe ni?

A'a. Galibi sai watan da ka biya ya ƙare.

Jerin waƙoƙi da karatuttukan da na tara a Spotify fa?

Kwantar da hankalinka, jerinka yana nan, asusun ne kawai zai koma na kyauta mai talla. Abin da ka sauke don ji ba tare da data ba shi ne zai daina buɗuwa, domin dama aro aka ba ka. Kada ka auna Apple Music da wannan. Can abin da ka tara yana iya ɓacewa bayan biya ya tsaya, don haka ɗauki hoton jerin kafin ka soke.

Malam, ina biyan 100 GB na Google One, na ci 62, yawanci hotunan atamfofin da nake sayarwa ne da bidiyon bikin ƙanwata. Ina so in daina. Za su goge?

Hajiya, ba rana ɗaya za su goge ba, amma kada wannan ya sa ki saki jiki. Idan watanki ya ƙare za ki koma 15 GB na kyauta, wanda Gmail da Drive da Photos ke rabawa tsakaninsu. Kin ga kin haura da 47. Kayan suna nan, kina iya kallo, kina iya saukewa, sai dai sabon hoto ba zai hau ba, ajiyar WhatsApp ta Android ma za ta iya tsayawa tunda ita ma a wannan ma'ajin take zama.

Abin da ya fi damuna shi ne Gmail. Zai daina aika saƙo, ya daina karɓa, wanda aka aiko miki ya koma wa mai shi. Wayarki za ta yi tsit ki ɗauka ba wanda ya neme ki, alhali saƙon banki ko na makarantar yara yana ta komawa. A ƙa'idar Google, wanda ya yi shekara 2 a haure ana iya share masa kaya, kuma sukan yi gargaɗi tukuna. Amma ƙa'ida tana sauyawa, kowane kamfani da nasa wa'adin, ni dai ba zan jingina bidiyon biki da alƙawarin kowa ba.

Ga yadda zan yi da ni ne. Tun biyan bai ƙare ba, ki shiga `takeout.google.com` ta kwamfuta, ki zaɓi Photos da Drive, ki nemi a haɗa miki su. Yana iya ɗaukar awanni ko kwanaki, sannan a turo mahaɗin saukewa ta imel, shi ya sa nake cewa a yi tun akwatin na aiki. 62 GB ba aikin datar waya ba ne, ki nemi wurin da ke da intanet mai ƙarfi da wuta tsayayya, ki zo da ma'ajin waje mai ɗaukar aƙalla 128 GB. Ki buɗe bidiyo uku ko huɗu ki gani da idonki suna tafiya, sannan ki fara gogewa, manyan bidiyo a gaba. Ki kuma zubar da `Trash` na Drive da Gmail, domin abin da ke cikinsa ana lissafa shi.

Ki kula da abu ɗaya. Idan kin taɓa danna `Free up space`, kwafin wayarki ya tafi, na intanet kaɗai ya rage. Haka kuma gogewa ta cikin manhajar Photos tana iya tafiya da na wayar. Na ga mace ta zauna a bencina tana hawaye kan hotunan mahaifinta marigayi saboda wannan.

Ni nake biya wa iyali.

To sanar da su kafin ka soke. Kowa zai koma 15 GB ɗinsa, kuma bai kamata maiɗakinka ta gane haka ranar da imel ɗinta ya tsaya ba.

Sokewa na nufin sun manta da ni?

A'a. Sunanka da imel da tarihin abin da ka saurara suna nan sai ka rufe asusun gaba ɗaya. Amma don Allah kada ka danna rufewa da fushi, domin ita ce ke tafiya da jeri da hotuna duka. Kwashe kayanka tukuna.