Wasiƙar masanin halayya zuwa makarantar yaro mai galahanga

"An ce ɗana yana da galahanga, wato autism, lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane, an ba ni takarda in kai wa hedimasta. Mene ne a cikinta?"

Galibi shafi ɗaya ce ko biyu. Masanin halayyar ɗan'adam zai faɗi ranar da ya duba yaron, abin da ya gano, abin da yaron ya iya, sai gyare-gyaren da yake so a yi masa a aji. Cikakken rahoton asibiti yana nan a fayil, kuma ko wannan wasiƙar ba a aika ta sai da yardarki.

"Wane irin gyara ke nan?"

Ɗauki yaro ɗan shekara 7 a aji biyu, cikin yara 60. Da an buga ƙarfen tashi sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin benci. Malama ta kira sunansa sau uku bai waiwayo ba, sai ta ce taurin kai ne, ta ɗauko bulala.

Idan wasiƙar ta ce "a riƙa kula da shi" kawai, an yi asarar tawada. Mai kyau za ta ce: a zaunar da shi a layin gaba, can gefe, nesa da taga da ƙofa. A gaya masa saura minti biyar kafin a buga ƙarfe, domin ƙarar da ta zo ba zato ita ta fi firgita shi. A manna masa jadawalin rana da hotuna a kan bencinsa, ya ga abin da ke biye da lissafi. Umarni kuma ɗaya bayan ɗaya: "buɗe littafi", a jira ya buɗe, sannan "shafi na goma". A ba shi kati da zai ɗaga in hayaniya ta ishe shi, ya fita baranda minti biyar ya dawo. Kaɗa hannu da yake yi kuwa hanyarsa ce ta kwantar da hankali, duka ba ya hana shi, sai dai ya sa yaron tsoron makaranta.

Ni na fi yarda da wasiƙa mai gyara biyar da malama za ta iya yi da alli da kwali, a kan mai ashirin da ke neman malami na musamman a makarantar da ko benci bai isa ba.

"In makarantar ta ƙi fa?"

Wasiƙar shawara ce, ba umarnin kotu ba. Amma a Najeriya dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba. Sau da yawa ma ba ƙi ba ne, takardar ce ke kwana a durowar hedimasta. Ki yi kwafi, ki miƙa wa malamar ajin hannu da hannu.

"Ta yaya zan san yana aiki?"

Ki roƙi malama ta riƙa sa alama a littafi duk ranar da ya shige ƙarƙashin benci. Bayan mako shida ku ƙirga tare. In bai ragu ba, ki koma wa masanin da littafin a sake duba gyaran.