Dokar -60 dB: abin da ke sa a mayar da littafin saurare da aka naɗa a gida

ACX, dandalin da ke kai littattafan saurare kasuwar Audible, yana da ƙa'idoji uku a kan sauti. Matsakaicin ƙarfin murya, wanda manhaja ke nunawa da RMS, ya tsaya tsakanin -23 dB da -18 dB. Da dB ake auna ƙarfin sauti, kuma duk lambar da ta fi kusa da sifili, sautinta ya fi ƙarfi. Ƙololuwar sauti kada ta haura -3 dB. Hayaniyar ɗaki kuma, wato abin da makirufo ke ɗauka idan mai karatu ya yi shiru, kada ta wuce -60 dB.

Ta ukun ce ke kayar da masu naɗi a gida, domin tana ɗaure da ta farko. A ce mutum ya zauna santimita 30 daga makirufo, muryarsa ta fito a -30 dB, hayaniyar ɗaki a -66 dB. A ido, ɗakin ya cika sharaɗi. Amma muryar ta yi ƙasa, dole a ƙara mata 10 dB ta kai -20. Ƙarin nan ba ya zaɓe, duk abin da ke cikin fayil yake ɗagawa, sai hayaniyar ta koma -56 dB, fayil ya faɗi.

Maganin yana wurin zama. Idan aka rage tazara da rabi, zuwa santimita 15, murya takan ƙaru da kusan 6 dB, hayaniyar ɗaki kuwa tana nan yadda take. Yanzu ƙarin 4 dB ya wadatar, hayaniya ta tsaya a -62. Sai dai kusanci na da nasa illar: iskar haruffa irin su "b" da "f" tana bugun makirufo. A karkatar da shi kaɗan daga saitin baki, a sa matacin iska a tsakani.

Kafin a fara karatu, a naɗi shirun ɗakin na daƙiƙa goma a auna, bayan an kashe fanka da firiji. Kada a goge shirun da ke tsakanin jimloli ya zama babu sauti kwata-kwata, don kunne na jin yankewar. Da shirun ɗakin ake cike gurbin, kuma a bar kamar daƙiƙa ɗaya a farkon fayil, biyu zuwa uku a ƙarshe, kada ya wuce biyar.

Saurin karatu ba shi da doka, amma kalmomi kusan 155 a minti shi ne abin da aka saba a littattafan Turanci.

Kowane babi da fayil nasa, kada ya wuce minti 120, a MP3 mai 192 kbps ko fiye, CBR, wato kbps ɗin ba ya canzawa daga farkon fayil zuwa ƙarshe, 44.1 kHz. Littafin duka ya zama mono, wato layin sauti ɗaya, ko stereo mai layi biyu, ba a gauraya su.