Me ya sa 6 da 3 suke ba da 2 a haɗin faralel?

Ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a Zamfara, akwai wata tambayar lantarki da ke cinye muku maki a banza. Za a zana rizista biyu, ɗaya mai om 6, ɗaya mai om 3, kawunansu sun haɗu a wuri guda, gindinsu ma haka, a ce a nemo jimillar turjiyarsu. Sai ɗalibi ya tara, ya rubuta 9. Tarawa kai tsaye ta haɗin jerin gwano ce, inda lantarki ke da hanya ɗaya tak, dole ya ratsa ta farko kafin ya kai ga ta biyu. A faralel kuwa hanya biyu gare shi, kuma dokar ita ce:

```
1/R = 1/6 + 1/3 = 3/6
R = 6/3 = 2 Ω
```

Wanda ya taɓa ban ruwan shinkafa a Bakolori ya san dalili. In ka buɗe wa fangali magudana ta biyu, komai ƙanƙantarta, ruwan da ke shiga ƙaruwa zai yi. Haka lantarki yake. Kowace sabuwar hanya sauƙi take ƙara masa, don haka tilas jimilla ta gaza rizista mafi ƙanƙanta. A nan ƙaramar 3 ce, da ganin 9 ka san an yi ɓatan kai.

Kuskure na biyu ya fi ba ni takaici, domin mai yin sa ya san dokar. Ya yi lissafi daidai har 3/6, sai ya manta bai juya ba, ya rubuta 0.5. Ga shi 0.5 bai kai 3 ba, sai hankalinsa ya kwanta. To ta ƙasa ma akwai iyaka. Da a ce duka biyun masu om 3 ne, jimilla 1.5 za ta zama. Tunda ɗayar ta fi haka tauri, amsa ba za ta sauka ƙasa da 1.5 ba. Ke nan ka raba ƙaramar da yawan hanyoyin, amsarka tana tsakanin abin da ka samu da ita ƙaramar: a nan, tsakanin 1.5 da 3.

Sai dai wannan awo yana kama amsar da ta fita daga iyakokin nan ne kawai, 2.5 ma zai wuce ta cikinsa. In kana son tabbaci, ƙaddara ka jona batir mai bolt 12. Dokar Ohm ta ce hanyar 6 za ta ja amfiya 2, hanyar 3 ta ja amfiya 4. Batir na fitar da amfiya 6 ke nan, kuma 12 raba 6 ya ba da 2.

In an saka wata rizista a jere kafin hanya ta rabu, kamar mai om 4, fara auna sashen faralel shi kaɗai, sannan ka tara: 4 da 2, jimilla om 6.