Giɓin kaya a sito

Giɓin kaya shi ne bambancin da ake samu tsakanin abin da littafin sito ya nuna da abin da aka tarar a ƙasa ranar ƙirga. Ana fitar da shi cikin kaso: a raba abin da ya ɓace da adadin littafi, a ninka da 100. Idan littafi ya ce katan 2,000 aka ƙirga 1,940, giɓin katan 60 ne, wato kashi 3 cikin 100.

Da an ga giɓi zargi kan faɗa kan ma'aikata, alhali sata ɗaya ce kawai cikin dalilai, kuma kowane dalili da irin sawunsa. A ɗauki waɗancan katan 60. Wataƙila a tarar wani kaya mai kama da wannan ya yi rarar katan 20. An fitar da wannan ne aka rubuta wancan, ba abin da ya ɓace. Wasu 24 ba su ma taɓa shigowa ba, domin mai karɓa ya sa hannu a takardar direba bai ƙirga ba. Katan 10 sun jiƙe ko sun fashe wajen lodi, aka zubar ba a rubuta ba. Saura 6 kenan, su ne abin bincike na gaske.

Kuskuren lissafi yakan tona kansa. Ko dai ya bar rara a wani wuri, ko giɓin ya zo daidai da cikin katan, kamar 12 ko 24, alamar an rikita katan da ɗaiɗai wajen rubutu. Sata kuwa ba ta barin rara. Ta fi bin ƙananan kaya masu tsada da saurin sayuwa, kuma takan maimaitu a layi ɗaya ko lokacin aiki ɗaya. Akan tarar da katan wayam an liƙe bakinsa an cusa tsakiyar tari, shi ya sa ƙirgar ido daga waje ba ta wadatarwa, sai an ɗaga.

Ƙirgar shekara-shekara tana nuna asara ne bayan sawu ya goge. Abin da ya fi amfani shi ne a riƙa ƙirga wani sashe kullum, kaya masu tsada a fi yawan komawa kansu. Kada a nuna wa mai ƙirga adadin littafi, don in ya san 2,000 ake nema, idonsa 2,000 zai gani. Haka kuma mai riƙe makulli kada ya zama shi ke gyara littafi, duk gyara sai da sa hannun wani. Kayan da suka lalace a keɓe su a rubuta kafin a zubar, masu wa'adi kuma a fara fitar da wanda ya fi kusa ƙarewa. Kyamara tana rage ɗauke-ɗauke, amma ba ta gano takardar da aka sa wa hannu ba tare da ƙirga ba.