Taƙaita Silaid ɗin Lakca Bisa Batutuwan Jarrabawa

Taƙaita silaid ɗin lakca bisa batutuwan jarrabawa wata dabarar bita ce da ɗaliban manyan makarantu ke bi. Ɗalibi yakan ɗauki duk shafukan da malami ya haska da majigi a tsawon zangon karatu, ya warware su daga jerin makonnin da aka koyar da su, ya sake tara su a ƙarƙashin batutuwan da ake yin tambaya a kansu. Abin da ke fitowa a ƙarshe 'yan shafuka ne kaɗan, kowane batu da nasa, waɗanda za a iya bita a zama ɗaya. A Sakkwato, ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, da na Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari sukan karɓi irin waɗannan shafuka a waya, galibi ta hannun wakilin aji.

Dalilin sauya jeri

Malami yana tsara silaid ne don mai sauraro. Yakan fara da sauƙi ya gangara zuwa mai wuya, ya maimaita na makon jiya a farkon na yau, ya sa hoto ya yi bayaninsa da baki. Shi ya sa rabin ma'anar shafi takan kasance a bakin malamin, abin da ke rubuce kuwa kanun magana ne kawai. Mai tsara jarrabawa kuma ba ruwansa da mako. Tambaya ɗaya tana iya ɗebo ma'ana daga mako na uku, dalili daga na biyar, misali daga na tara. Ɗalibin da ya taƙaita kowace lakca ita kaɗai ya rage yawan takarda, amma amsar tambayar tana nan a warwatse wuri uku, kuma a ɗakin jarrabawa ne zai fara ƙoƙarin haɗa ta, alhali agogo na tafiya.

Taƙaitawa ba baƙon abu ba ne a garin da aka saba da karatun zaure. Malaman da suka gabata sun rage manyan littattafan fiƙihu zuwa muhtasari, sun mayar da wasu waƙe don sauƙin hadda, almajirai kuma suna rubuta ƙarin bayani a gefen shafi. Bambancin shi ne, mai muhtasari yakan bi babi-babi yadda asalin littafin ya zo, wannan aikin kuwa rushe jerin ake yi da gangan.

Fitar da batutuwa

Ba da silaid ake farawa ba. Ana farawa da takardar tsarin kwas da malami ya bayar a makon farko, da tambayoyin shekarun baya, na shekara uku zuwa biyar idan sun samu. Sai a bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya ana rubuta abin da kowace ke nema, ana haɗa masu kama da juna. Kwas na zango ɗaya yakan ba da batutuwa takwas zuwa goma sha biyu. Idan suka haura ashirin, an yi musu yankan albasa ne, sai a haɗe wasu. Kowane batu a ba shi harafi: A, B, C.

A lura da kalmar da tambaya ke buɗewa da ita. Batun da kullum ake cewa a kwatanta abu biyu a cikinsa jadawali yake so. Wanda ake cewa a lissafa yana son ƙa'idar lissafi da misali guda da aka warware. Wanda ake cewa a zana yana son zane da sunayen sassa.

Rarraba shafuka

Daga nan sai a bi silaid daga farko zuwa ƙarshe da sauri, ba tare da rubuta bayani ba. Aikin kawai shi ne ba kowane shafi harafin batunsa. Shafin suna, na godiya, da na maimaicin makon jiya a ja musu layi. Wanda aka rasa inda zai shiga a sa masa alamar tambaya a wuce. Sau da yawa alamun tambayar nan su ne ke tona wani batu da ke cikin tsarin kwas wanda bai taɓa fitowa a shekarun baya ba.

Mai kwamfuta yana iya buɗe fayil ɗin a PowerPoint ya zaɓi `View` sannan `Outline View`, rubutun duk shafukan ya jeru a gefe ɗaya. Sai dai akwai tarko a nan: wannan jeri yana nuna kanun shafi da babban rubutunsa ne kawai. Jadawali, zane, da rubutun da aka sa a ƙaramin akwati daban ba sa bayyana, kuma su ne malamai suka fi son tambaya. Haka kuma a duba ƙasan kowane shafi, wurin da ake kira `Notes`, domin wasu malamai a nan suke ajiye cikakken bayanin da suka yi da baki. Idan PDF aka raba, akasari wannan ɓangaren ya tafi.

Misali daga darasin aikin zuciya

A ɗauka ɗalibar aji biyu a fannin lafiya tana da silaid 180 na aikin zuciya da jijiyoyin jini. Ta duba tambayoyin baya ta ga ɗaya tana yawan dawowa da kaya daban-daban: a bayyana abubuwan da ke ƙayyade yawan jinin da zuciya ke turawa a minti ɗaya. Ta ba wannan batu harafin C. Da ta gama rarrabawa sai ta tarar harafin C ya faɗa kan shafuka 23 a lakcoci huɗu: ma'anar a lakca ta 3, zagayen bugun zuciya a ta 4, hawan jini da saukarsa a ta 6, motsa jiki a ta 9.

A saman farar takarda ta rubuta tambayar kanta a matsayin kanu. Ƙarƙashinta ta sa ƙashin bayan batun, wanda layi uku ne:

```
CO = HR × SV
SV = EDV − ESV
MAP ≈ CO × TPR
```

Layin farko na cewa jinin da zuciya ke turawa a minti shi ne yawan bugu a minti sau jinin bugu ɗaya. Na biyu na cewa jinin bugu ɗaya shi ne abin da ya cika ɗakin zuciya kafin ta matsa, a cire abin da ya rage bayan ta matsa. A silaid waɗannan layuka biyu suna lakcoci daban-daban, mako guda a tsakaninsu, sai da suka zauna kusa da juna ta ga ɗaya yana cikin ɗaya. Ta sa lambobin da aka saba bayarwa na baligi mai lafiya yana hutawa: ɗaki ya cika da mililita 120, saura 50, bugu ɗaya ya tura 70. Bugu 72 a minti sau 70 ya ba da mililita 5,040, wato kusan lita 5.

Sauran shafin ta raba shi gida biyu, tunda lissafin da kansa ya nuna abu biyu ne kawai za su iya sauya sakamako. A gidan yawan bugu ta rubuta jijiyoyin da ke zaburar da zuciya da wadda ke rage mata gudu. A gidan jinin bugu ɗaya ta rubuta uku: yawan jinin da ya dawo ya cika ɗakin, ƙarfin matsawar tsoka, da turjiyar da jinin ke tararwa a gaba. Ƙa'idar Frank da Starling, wadda ta ci shafuka shida a lakca ta 4, ta koma jimla ɗaya da ƙaramin zane: gwargwadon cikar ɗakin, gwargwadon ƙarfin matsawarsa, zuwa wata iyaka. Shafukan motsa jiki kuwa sun zama layi biyu a ƙasa, a matsayin misalin lokacin da bugu da jinin bugu ke ƙaruwa tare. Layi na uku na lissafin, wanda ya danganta matsakaicin matsin jini da jinin da zuciya ke turawa da turjiyar jijiyoyi, ta bar shi da kibiya zuwa batun D na hawan jini, ba ta sake kwafe bayanin ba.

A ƙarshen kowane layi ta sa adireshinsa, kamar `L4/17`, wato lakca ta 4 shafi na 17. Wannan ƙaramar alama ita ce ke ba mutum ƙarfin halin yanke bayani, domin ya san inda zai koma idan taƙaitawar ta yi masa duhu. A kula dai da bugun da masu shagon fotokwafi ke yi na silaid shida a takarda ɗaya don rage kuɗi: lambar takarda daban, lambar silaid daban, ta silaid ake rubutawa.

Sunayen fanni ta bar su da Turanci harafi da harafi, tunda da shi za ta amsa jarrabawa. Bayanin gefe kuwa, inda take fassara wa kanta, da Hausa ta yi shi. Shafuka 23 sun koma takarda ɗaya gaba da baya.

Inda aikin ke lalacewa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kwafe. Ana gane shi da abu biyu: bayanin batu ɗaya ya kai shafi huɗu ko biyar, kuma jimlolinsa na malami ne kalma da kalma. Maganinsa a karanta shafukan batun, a kife wayar, a rubuta daga ka, sannan a buɗe a gyara. Kishiyarsa ita ce matsewa har ma'ana ta fita, a bar kalmomi tsirara ba abin da ya haɗa su. Ɗalibi ya rubuta sunan ƙa'ida kawai, bayan mako biyu ya dube shi kamar baƙo. Gwajin mai sauƙi ne: a miƙa wa abokin karatu takardar ya karanto kanun, mai ita ya amsa da baki. Duk layin da ya kasa faɗaɗawa zuwa jimla uku, ko dai an matse shi da yawa ko kuma tun asali ba a fahimce shi ba.

Wannan gwaji yana da tushe a bincike. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun nuna cewa ɗaliban da suka karanta rubutu sannan aka sa su tuno shi daga ka sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karantawa, duk da cewa masu maimaitawar sun fi su a gwajin da aka yi bayan minti biyar. Shi ya sa ake rubuta kanun kowane batu a sigar tambaya. Tsarin rubutu na Cornell, wanda Walter Pauk ya fito da shi a shekarun 1950, yana ware siririn gefe a hagun shafi don irin waɗannan tambayoyi, ana rufe dama da hannu a amsa.

Tambayoyin baya ma suna da iyakarsu. Idan malamin kwas ya sauya, ko an sabunta manhaja, abin da ya yi ta fitowa shekara biyar yana iya ɓacewa. Don haka su nauyin batu kawai suke nunawa, wato wanda za a ba takarda cikakkiya da wanda rabi ya ishe shi. Jerin batutuwan kansa da tsarin kwas na bana ake tantance shi. A kwasa-kwasan lissafi da injiniyanci kuma takardar taƙaitawa ba ta wuce ma'ajiyar ƙa'idoji ba, makin yana wajen warware tambayoyi da hannu.

Game da lokaci, rarraba silaid 180 yakan ci yamma ɗaya, rubuta kowane batu kuma awa ɗaya zuwa biyu. Kwas mai batu goma aikin mako guda ne a tsakanin sauran karatu, don haka masu yinsa sukan fara makonni uku ko huɗu kafin jarrabawa, su bar gurbi a kowace takarda don lakcocin ƙarshe da ba a riga an yi ba.